Me ya sa Google yake gutsure taken shafinka?

Ka taɓa bincike a Google ka ga take ya ƙare da ɗigo uku? To, an yanke shi ne. Abin da ka rubuta cikin `<title>` faɗinsa ake aunawa, ba haruffansa ake ƙirgawa ba. A kwamfuta gurbin kusan fiksel 600 ne, wato haruffa 50 zuwa 60. Shi ya sa W da M suka fi i da l cin wuri.

Ga misali. Mai kilishi ya rubuta: "Barka da zuwa shafinmu mai albarka, inda za ku samu kilishi mai daɗi a Kano". Haruffa 75 ke nan, har da tazarar tsakanin kalmomi. In aka yanke, Kano ta tafi, kilishin ma da ƙyar ya sha. Mai nema gaisuwa kawai zai gani, ya wuce.

Gyaran shi ne: "Kilishin Kano: farashi da yadda ake oda". Haruffa 39, komai ya fito.

Saboda haka fara da kalmar da ake nema, sunan shagonka ya zo ƙarshe. In take ya cika tsawo, Google yana iya sauya shi da nasa ma. Bayan ka gyara, bincika shafin a waya da kwamfuta, don gurbinsu ba ɗaya ba ne.