Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi Kan Jakar Ko-Ta-Kwana

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa shi ne jakar ko-ta-kwana, wato jakar da magidanci zai sura ya fita da iyalinsa idan ambaliya ko gobara ta kore shi daga gida.

A watan Satumbar 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, cikin dare ruwa ya shiga Maiduguri. A ƙarshen watan Mayun 2025 kuma, ambaliyar Mokwa da asuba ta riski mutane. Wanda ruwa ya tayar daga barci ba shi da sukunin buɗe akwati yana neman katin asibiti. Sai dai haɗa jakar rabin aiki ne. Jakar da aka haɗa aka manta da ita ta fi rashinta haɗari, domin mai ita yana zaune da zaton ya shirya, alhali abin da ke cikinta ya lalace.

Bari mu ɗauki misalin gida mai mutum shida: maigida da uwargida, yara uku, da tsoho mai hawan jini. Mu fara da ruwa. Mutum yana bukatar kimanin lita 3 a rana domin sha da abinci. Mutum shida a kwana uku lita 54 ke nan, kuma kowace lita kilo guda ce. Babu mai ratsa ruwa da kilo 54 a kansa ga kuma yaro a hannu. Saboda haka abin da zai yiwu shi ne kowane babba ya ɗauki robar ruwa biyu masu lita ɗaya da rabi, waɗanda ba a ɓalle murfinsu ba, domin yinin farko. Mun fifita roba a kan ruwan leda saboda leda tana fashewa ta jiƙa kaya. Sauran kwanakin kuwa ƙwayar tsarkake ruwa mai sinadarin kulorin ce za ta rufa asiri. Ƙarfinta iri-iri ne, don haka a karanta jikin kwalinta a san lita nawa ƙwaya ɗaya ke tsarkakewa. Idan ruwan ya yi gurɓi, a bar shi ya kwanta a tace da tsumma mai tsabta tukuna, a jefa ƙwayar, a jira minti 30 kafin a sha.

Sai magunguna. Bayan ambaliya masai kan cika ya haɗu da rijiya, gudawa ta biyo baya, kuma yara ne take fara kayarwa. Don haka a sa ƙullin garin gishiri da sukari na asibiti kamar guda goma. A duba ko na lita ɗaya ne ko na rabin lita, kuma abin da aka dama ya kai awa 24 a zubar. A haɗa da ƙwayar zink: yaron da ya wuce wata shida yana shan miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, wanda bai kai ba kuma rabin haka. A ƙara da farasitamol, bandeji da filasta. Tsohon nan kuwa a ware masa maganin hawan jininsa na kwana bakwai, a bar shi cikin katinsa na asali, kada a ɓare a zuba a leda, domin a jikin katin suna da ranar lalacewa suke. Mai yin allurar insulin kada ya ajiye ta a jaka, sanyi take so. A liƙa takarda a hannun jakar mai tunatar da a ɗauko ta lokacin fita.

Na uku takardu. A yi hoton kwafin takardar shaidar ɗan ƙasa, takardun haihuwa, katin rigakafin yara, takardun makaranta, takardar mallakar gida ko gona, da takardar da likita ya rubuta magani. A sa su a leda mai zif, a sake sa ta cikin wata. A rubuta lambobin wayar dangi da biro, domin waya tana jiƙewa ko cajinta ya ƙare. Kwafi na biyu a aika wa ɗan uwa a wani gari, tun da ruwan da ya ci gidanmu zai iya cin na maƙwabci.

Yanzu ga ginshiƙin maganar. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma ban da ƙwayar asibiti. A jikin kowane kwali akwai haruffan MFG, ranar yi, da EXP, ranar lalacewa. Idan aka rubuta EXP 08/2027, maganin yana da aiki har ƙarshen Agustan 2027. Wannan alkawari kuwa da sharaɗi: yawancin magunguna ana so a ajiye su ƙasa da digiri 30, mu kuwa zafin Afrilu kan haura 40. Saboda haka kada a bar jakar a but ɗin mota ko a rataye ta dab da kwano. A sama mata wuri mai inuwa kusa da ƙofa, sama da ƙasa, inda hannun yara ba ya kaiwa.

Muna ba da shawarar buɗe jakar sau biyu a shekara: 1 ga Mayu kafin damina ta kankama, da 1 ga Nuwamba bayan ta ɗauke. Kada a ɗaura abin da Sallah, domin watannin Hijira suna matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, damina kuwa ba ta matsowa tare da su. Ƙa'idar guda ce: duk abin da zai lalace kafin buɗewa ta gaba, yau zai fita.

A ce maigidan nan ya buɗe jakarsa 1 ga Mayun 2027. Garin gishiri da sukari na ɗauke da 08/2027. Bai lalace ba, amma zai lalace ana tsakiyar damina, don haka ya fito da shi gida a yi amfani da shi, ya sa sabo. Farasitamol na ɗauke da 02/2028, sai ya zauna. Wani ƙulli ya dunƙule kamar dutse ko da kwanansa bai cika ba, alamar danshi ya shige shi, sai a yar. Haka ƙwayar da ta sauya launi ko take marmashewa. Ruwan roba a shanye a sa sabo. Batir a ajiye shi a wajen tocila, kada ya zubo ya cinye ta. Takardu ma suna tsufa: an yi haihuwa, an ƙara wa yaro rigakafi, likita ya sauya wa tsoho magani, duk sai an sabunta kwafi.

Maganin tsoho shi kaɗai ba ya jiran wata shida. Duk ranar da aka karɓo na wata, a cire na kwana bakwai daga sabon a sa a jaka, a fito da na jakar ya fara sha. Ta haka ba ƙwayar da za ta daɗe, kuma ba a yi asarar ko kwabo ba.

A ƙarshe, a rubuta jerin kayan da kwanakin lalacewarsu a takarda ɗaya, a sa a aljihun jakar, a damƙa wa mutum ɗaya alhakin dubawa, domin aikin kowa da kowa ba mai yin sa. Kuma a bai wa uwargida jakar ta ɗaga. Idan ba za ta iya tafiya da ita ga goyo a baya ba, a raba ta biyu, domin ba kullum ruwa ke tarar da maigida a gida ba.