Wasiƙar da Ke Rakiyar Zanen da Aka Gyara



Ɗalibai, yawancinku kuna rubuta kundin kammala karatu a kan gonakin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, kuma batun da ya fi yawa a hannunku shi ne sassaben zamani, wanda garin Ɗan Saga ya yi suna a kansa. Tambayar da kuke bi ita ce, gonar da aka bar wa gawo da kalgo da sabara ta fi wadda aka share ƙaƙaf bada hatsi? Amsar takan ƙare a zane guda. Ina so mu duba abin da ɗalibi ya kamata ya rubuta wa malamin da ke duba aikinsa bayan ya taɓa layin tsaye ko layin kwance na wannan zane.

Ga misali, da alƙaluman da na zaɓa don bayani kawai. A ce gonakin sassabe sun bada kilo 480 a hekta, sauran kuma 420. Ɗalibi ya zuba su a Excel, shi kuwa Excel idan alƙaluma sun kusanci juna yakan fara layin tsaye daga sama da sifiri ba tare da an sa shi ba. A ce ya fara daga 400. Sanda ta farko za ta tashi da tsawon 80, ta biyu da 20. Ido zai ga ninki huɗu, alhali bambancin kilo 60 ne, wajen kashi 14 cikin ɗari. Malam ya rubuta a gefe cewa a fara daga sifiri, domin tsawon sanda shi ne ma'auninta.

Ɗalibai da yawa sai su gyara, su aika da imel mai layi ɗaya: "Malam, na gyara." Wannan bai isa ba. Malamin da ya ga zane ya sake kama ba shi da hanyar sanin ko kallon ne ya canja ko alƙaluman. Da Faransanci za ku rubuta ko da Hausa, abin da ake bukata kamar haka ne:

"Malam, barka da aiki. Bisa shawararka a kan zane na 3, layin tsaye yanzu ya fara daga 0 ya ƙare a 600, maimakon 400 zuwa 500. Na yi amfani da wannan ma'auni a sassan uku, Agiye, Gazawa da Gidan Rumji, don a iya kwatanta su. Alƙaluman ba su canja ba, har yanzu 480 da 420 ne, kuma ba a cire gona ko ɗaya ba. Da yake tazarar ta ragu a ido, na sake jimlar shafi na 27 daga 'ya ninka' zuwa 'ya ƙaru da kashi 14 cikin ɗari'. Tsohon zanen da sabon suna haɗe da wannan saƙo. Allah ya ƙara girma."

Jimlar shafi na 27 ita ce na fi so ku riƙe. Sau da yawa ana gyara zane a bar sharhin da aka gina a kan tsohon, sai ranar kare kundi masu jarrabawa su ga rubutu na faɗin abin da zane bai nuna ba.

Ita ma maganar "ba a cire gona ba" tana da dalili. Ga masu aiki da ggplot2 a R, `ylim()` yana zubar da duk alƙalamin da ya fita daga iyakar da aka sa, `coord_cartesian()` kuwa yana matso da kallo ne kawai. Alamar ita ce gargaɗin da ke farawa da `Removed`. Wanda ya gan shi ya koma ya ƙirga gonakinsa.

Wani lokaci kuma alƙaluman sukan canja da gaske. Manomi da dami yake lissafi, malam kuma zai nemi kilo a hekta. Dami 40, idan kowane ya bada tsaba kilo 12, ya zama 480; idan kilo 10 ne, 400. Wannan tazara ta fi bambancin da ake bincike a kansa girma. Saboda haka wasiƙar ta faɗi damma nawa aka sussuke aka auna, a wane gari, da yadda aka auna faɗin gonar.

Ba kowane zane ne ke bukatar sifiri ba. Layin da ke nuna zafin rana daga wata zuwa wata zai kwanta ya ɓoye hawa da sauka idan aka tilasta masa farawa daga sifiri. Ɗalibin da ke da irin wannan hujja ya rubuta ta cikin ladabi, ya aika da zanen iri biyu, malam ya zaɓa.

Malamai kuma, ina roƙonku, duk zanen da ya dawo muku ba tare da tsohon ma'auni da sabo a rubuce ba, ku mayar wa mai shi ya cika.