Karɓa-karɓa ko Ƙwace: Zaɓen Mai Raba Lokaci a Ƙaramar Na'ura



Tambayar da ɗalibai suka fi kawo mini idan aikinsu ya fara girma ita ce: "Malam, in sa FreeRTOS ne?" Amsata kullum wata tambayar ce. Wane aiki ne a na'urarka ba ya jure jira, kuma wane ne ya fi daɗewa riƙe da ƙwaƙwalwar na'urar? Waɗannan amsoshi biyu su ne ke yanke hukunci, kuma yau zan bi su cikin misali guda har ƙarshe.

Mu ɗauki na'urar da ke kula da famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana. A cikinta akwai STM32F103C8, mai gudun megahaz 72 da ma'ajiyar wucin gadi ta kilobait 20. Ayyukanta huɗu ne. Tana duba wutar da famfo ke ja, mu ce duk milisakan 10, don ta kashe shi idan ya cije. Tana auna zafi da DS18B20. Tana rubutu a ɗan allo na SSD1306. Sannan tana ajiye bayanai a katin SD.

Hanya mafi sauƙi ita ce karɓa-karɓa. Madauki ɗaya ne ke zagayawa, kowane aiki ya yi ɗan nasa ya saki da kansa, babu mai ƙwace wa wani.

```c
uint32_t baya = HAL_GetTick();
for (;;) {
    if (HAL_GetTick() - baya >= 10) {
        baya += 10;
        duba_famfo();
    }
    duba_zafi();
    zana_allo();
}
```

Amfaninta a fili yake. Sitak ɗaya ne kowa ke amfani da shi, wato wurin da aiki ke ajiye kayansa yana cikin gudana. Kuma tunda babu mai katse wani a tsakiya, ayyuka biyu ba za su taɓa bayani ɗaya a lokaci ɗaya ba. Sharaɗinta ɗaya ne, amma mai tsauri: jinkirin da aikin famfo zai iya sha, idan abu ya ɓaci, shi ne jimillar lokacin da sauran za su ci kafin a zagayo kansa.

To, mu yi lissafi. Allon yana da ɗigo 128 a kwance, 64 a tsaye, wato bait 1,024. A kan layin I2C mai gudun kilohaz 400, kowane bait yana cin bugu tara, don haka zana allon gaba ɗaya yana cin kusan milisakan 23. Famfo yana son a duba shi duk milisakan 10. Kun ga an tsallake shi sau biyu ke nan. Shi kuwa DS18B20, a mafi ingancin awonsa yana buƙatar har milisakan 750 kafin ya ba da amsa. Wanda ya rubuta `HAL_Delay(750)` a nan ya rufe wa famfo ido na kusan daƙiƙa guda.

A nan ne da yawa ke cewa karɓa-karɓa ta gaza. Ba ta gaza ba tukuna. Allon a rabe yake gida takwas, kowane gida bait 128. Idan aka zana gida ɗaya a kowane zagaye, an koma milisakan 3. Ma'aunin zafi kuma ba sai an tsaya a kansa ba: a ba shi umarni ya fara awo, a rubuta lokacin, a tafi, a dawo a karɓi amsa idan wa'adi ya cika. Kamar mai tuwo ce, ba ta tsaya kallon tukunya sai ruwa ya tafasa, tana kaɗa miya a gefe. Da waɗannan gyare-gyare biyu, zagayen ya dawo ƙasa da milisakan 10, ba a kashe ko bait ɗari ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne katin SD. Idan aka kira `f_write` ko `f_sync` na FatFs, kiran ba ya dawowa sai ya gama, kuma katin kansa yana iya cewa "ina aiki" na tsawon da ya kai milisakan 250 yayin da yake gyara cikinsa. Ba kullum yake yi ba, shi ya sa matsalar ke ɓuya a ɗakin gwaji ta bayyana a ƙauye. Manhajar FatFs kuma ba kai ka rubuta ta ba, yanka ta gunduwa-gunduwa aiki ne babba. Haka abin yake da yawancin manhajojin sadarwa da ake ɗaukowa a shirye.

Ko a nan akwai mafita kafin a kai ga RTOS. Tunda aikin gaggawa ɗaya ne tak kuma gajere ne, sai a mayar da shi cikin katsewar agogon na'ura, ta riƙa kiransa duk milisakan 10 ko da madauki ya maƙale a kan kati. A ganina na'urori da yawa a nan ya kamata su tsaya. Amma idan ayyukan gaggawa sun kai biyu ko uku, suna da tsawo, ga kuma kati da modam kowanne yana tsayar da madauki, to lokacin ƙwace ya yi.

Abin da RTOS ke yi shi ne ya ba kowane aiki matsayi. Da zarar aikin famfo ya farka, sai a ƙwace ƙwaƙwalwa daga hannun mai rubutu a kati, a adana inda ya tsaya, a dawo masa daga baya. FreeRTOS, wanda Richard Barry ya fitar a 2003, haka yake yi. Sai dai ba kyauta ba ne. Kowane aiki yana buƙatar sitak nasa. A `xTaskCreate` girman da kake bayarwa a wannan na'ura ana ƙirga shi ne da kalma mai bait huɗu, don haka 256 tana nufin kilobait guda. Ayyuka biyar masu wannan girman sun cinye rubu'in ma'ajiyarmu. A kan ATmega328P na Arduino Uno, mai kilobait 2 kacal, maganar ma da ƙyar take tasowa. Idan kuma ka rage sitak ya cika ya zuba, na'ura za ta riƙa sumewa ba gaira ba dalili, galibi ranar da `printf` ya buga dogon saƙo. Maganinsa a kunna `configCHECK_FOR_STACK_OVERFLOW`, a kuma riƙa duba `uxTaskGetStackHighWaterMark` don ganin abin da ya rage wa kowane aiki.

Kuɗi na biyu ya fi zafi. Yanzu da ake katse aiki a tsakiya, duk abin da biyu ke rabawa sai an sa masa makulli. Makulli kuwa yana haifar da tasa fitinar. A 1997 na'urar Mars Pathfinder, mai aiki da VxWorks, ta riƙa sake kunna kanta a duniyar Mars. Ƙaramin aiki ne ya riƙe makulli, matsakaitan ayyuka suka hana shi gamawa, babban aiki ya yi ta jira har mai gadi ya ga wa'adi ya wuce ya sake kunna komai. An gyara ta daga ƙasa ta hanyar kunna gadon matsayi, wato mai riƙe da makulli ya ari matsayin babban da ke jiransa har ya saki. A FreeRTOS makullin `xSemaphoreCreateMutex` yana da wannan gadon, na `xSemaphoreCreateBinary` ba shi da shi, kuma ɗalibai kan musanya su ba tare da sun lura ba.

Kafin a yanke shawara a kan famfonmu, sai a auna. A ɗaga ƙafa ɗaya ta na'urar a farkon `duba_famfo`, a sauke ta a ƙarshe, a haɗa osilosikof, a bar shi yana tara zane yayin da kati ke rubutu ba tsayawa. Tazara mafi faɗi tsakanin bugu biyu ita ce lambar da ake nema. A famfonmu za ta nuna maƙalewar kati, don haka zan mayar da duba famfo cikin katsewar agogo, in bar sauran a madauki. Ranar da aka ƙara modam mai aika saƙo, sai a sake awon.