Rashin Daidaito Mai Raba-Lamba: Hatsarin Ninkawa da Abin da Ke Ƙasan Layi



Maganata ta yau a kan mataki ɗaya take, wanda ɗalibai masu shirin WAEC da NECO ke ɗauka da kyakkyawar niyya, ya kai su ga amsar da ba daidai ba. Idan aka ba ɗalibi rashin daidaito mai harafin x a ƙasan layin rabawa, abin da hannunsa ke fara yi shi ne ya ninka ɓangarorin biyu da abin da ke ƙasan, don ya rabu da layin. Ya koyi wannan a lissafin da ke da alamar =, kuma a can yana aiki. Ra'ayina shi ne a nan bai kamata a koyar da shi a matsayin hanya ba, domin yana ɗauke da zato wanda ɗalibin bai san ya yi ba.

Tushen matsalar a alamar lamba yake. Kowa ya yarda 2 < 3. Idan muka ninka duka biyun da 5, sai mu sami 10 < 15, magana ta zauna. Amma idan muka ninka da −5, za mu sami −10 da −15, kuma yanzu −10 ce babba, kamar yadda wanda ake bin naira goma ya fi wanda ake bin naira goma sha biyar sauƙin hali. Ke nan ninkawa da lamba mai alamar ragi tana juya bakin alamar rashin daidaito. To, idan abin da ke ƙasan layi shi ne x − 2, wace alama gare shi? Babu mai iya faɗa, domin x ɗin ce ake nema. Idan x ta fi 2, ƙari ne, idan ba ta kai 2 ba, ragi ne. Wanda ya ninka bai juya alama ba ya yanke hukunci a ɓoye cewa x ta fi 2.

Mu ɗauki (x + 1)/(x − 2) ≥ 2. Mai gaggawa zai rubuta x + 1 ≥ 2x − 4, ya fitar da x ≤ 5. Mu jarraba amsarsa da x = 0, wadda ta shiga cikinta. Sama 1, ƙasa −2, sakamako −1/2, wanda ko kusa bai kai 2 ba. Kuma ba sifili kaɗai ba, duk lambar da ba ta kai 2 ba an shigo da ita cikin amsa alhali ba ta da wuri a ciki. Abin damuwar shi ne babu layi ɗaya a aikinsa da zai yi masa kama da kuskure, sai in ya koma ya gwada.

Hanyar da ta fi aminci ita ce jadawalin alamomi, wanda ke farawa da matakin da ba shi da hatsari, wato ragewa, domin rage abu ɗaya daga ɓangarori biyu ba ya taɓa juya alama. Mu ɗebe 2 daga kowane ɓangare don dama ta zama sifili, mu haɗa hagu a kan layi ɗaya, sai mu sami (5 − x)/(x − 2) ≥ 0. Tambayar ta sauya kama: yanzu alamar rabon kawai muke nema. Na sama yana zama sifili a x = 5, na ƙasa a x = 2. Waɗannan wurare biyu sun yanka layin lambobi gida uku. A gidan da x ba ta kai 2 ba, na sama ƙari ne, na ƙasa ragi, rabon ragi. Tsakanin 2 da 5 duka biyun ƙari ne, rabon ƙari. Bayan 5 na sama ya koma ragi, na ƙasa yana nan a ƙari, rabon ragi. Gidan tsakiya ne namu. Saura bakin iyakokin, kuma a nan ake asarar maki da yawa. Lamba 5 ta shiga, domin 6/3 daidai yake da 2 kuma alamar ≥ ta yarda da daidaito. Lamba 2 ba ta shiga, domin ba a raba abu da sifili. Amsa ita ce 2 < x ≤ 5.

Me ya ba mu ikon hukunta gida guda da gwada lamba ɗaya tak? Irin wannan rabo ba ya tsallakawa daga ƙari zuwa ragi sai ta ɗayan hanyoyi biyu: ko ya ratsa sifili, ko ya tsinke a inda na ƙasa ya zama sifili. Bernard Bolzano ya kafa hujjar wannan ƙa'ida a 1817, kuma mun riga mun sa alama a duk wuraren biyu. Sai dai a kula, alamu ba dole su riƙa musanya daga gida zuwa gida ba. Abu kamar (x − 2)² yana taɓa sifili ya dawo ƙari, saboda haka a duba kowane gida, kada a cika jadawali da haddar ƙari, ragi, ƙari.

Wani malami zai ce ai ana iya ninkawa idan aka raba aikin biyu, a duba x > 2 daban, a duba x < 2 daban tare da juya alama. Gaskiya ne, kuma amsar ɗaya ce. Amma a kashi na biyu za a sami x ≥ 5 alhali an fara da sharaɗin x < 2, kuma ɗalibi sai ya tuna cewa babu lambar da ta cika duka biyun. Idan abubuwan da ke ƙasa suka zama biyu, rabe-raben sun ƙaru. Wani kuma zai ce a ninka da (x − 2)², tunda ba ya zama ragi. Wannan dabara ce mai kyau, sai dai tana kaiwa ga (5 − x)(x − 2) ≥ 0, wanda ke karɓar x = 2, kuma warware shi ma alamomin za a koma dubawa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa a harkar yau da kullum abin da ake rabawa da shi ba ya zama ragi. Idan buhuna ne ko fasinjoji, haka ne, kuma wanda ya rubuta wannan dalili a takardarsa ya ninka babu laifi. Amma a gari irin Jibiya, da kaya ke shigowa daga Maradi ta Ɗan Issa, ana saye da sefa ana sayarwa da naira, abin da ke ƙasan layi sau da yawa riba ce, riba kuwa tana komawa faɗuwa. Mu ƙaddara ɗan kasuwa ya kashe naira dubu 600 a kuɗin mota da lodi da haraji, kowane buhun wake ya tsaya masa a dubu 60, zai sayar a dubu x, motar kuma buhu 100 take ɗauka. Buhunan da za su mayar masa da kuɗin hanya su ne 600/(x − 60), yana so kada su wuce 100. Ninkawa za ta ba shi x ≥ 66 kawai. Jadawali zai ba shi wannan, ya ƙara nuna cewa duk x da ba ta kai 60 ba ita ma ta cika sharaɗin a takarda. A x = 50 lissafin yana ba da buhu −60, wanda bai wuce 100 ba, alhali mutumin yana asarar dubu goma a kowane buhu. Duk wanda ya zuba wannan ƙa'ida a kwamfuta ya bar ta tana tantance farashi, za ta amince masa da farashin faɗuwa. Jadawalin ne ya tona cewa tambayar tun farko ba ta cika ba, sai an ƙara mata sharaɗin x > 60, kuma lambar 60 ɗin kanta tana motsi duk ranar da canjin sefa ya motsa.