Tabarau Mai Ƙarfi Ɗaya, Mai Hawa Biyu da Mai Gangare: Wanne Ya Dace da Wanda Karatu Ya Fara Yi wa Wuya Bayan Shekara 40?

Gabatarwa



Duk wanda ya zauna a ɗakin gwajin ido ya san wannan koke: "Likita, nesa dai ina gani tangaran, amma rubutun waya sai na miƙa hannu can nesa." Mai wannan magana yawanci ya haura shekara 40. Bayan gwaji akan shimfiɗa masa zaɓi uku: tabarau mai ƙarfi ɗaya, mai hawa biyu da ake kira baifokal, da mai gangare da ake kira furogiresif. Sau da yawa kuɗi ne ke yanke hukunci: mai hali ya ɗauki mafi tsada, marar hali ya ɗauki mafi araha. Abin da wannan takarda ke son nunawa shi ne, tazarar da mutum ke aiki a kanta ita ce ta kamata ta yi zaɓin.

Abin da ke faruwa a cikin ido

A bayan baƙin ido akwai wani ɗan madubi mai laushi. Idan mutum ya dubi abu na kusa, wata tsoka ta cikin ido tana sa madubin ya ƙara kauri, hoto ya fito sarai. Yayin da shekaru ke tafiya madubin yana taurarewa, har ya daina bin umarnin tsokar. Wannan ba cuta ba ce, tafiyar shekaru ce kamar furfura, kuma ba ta barin kowa.

Ana auna ƙarfin gilashi da diyofta, kuma lissafin mai sauƙi ne: a raba 100 da tazarar abin da ake kallo a santimita. Littafin da ke santimita 40 daga ido yana buƙatar diyofta 2.50, allurar da ke santimita 33 kuma tana buƙatar 3.00. Yaro ɗan shekara goma yana da fiye da diyofta 10 na kansa. A wajen shekara 45 saura kamar 3 zuwa 4, a shekara 60 kuwa da ƙyar a sami 1. Bugu da ƙari, ido ba ya iya yin dogon aiki da duk abin da ya rage masa. Kusan rabi yake iya amfani da shi ba tare da gajiya da ciwon kai ba. Giɓin da ya rage shi ne gilashi ke cikewa, kuma shi ne "ƙari" da ake rubutawa ADD a takardar gwaji. Yakan fara daga +1.00 a farkon shekarun arba'in, ya kai wajen +2.50 a shekara 60.

Misalin wani tela

Bari mu ɗauki wani tela ɗan shekara 48 da ya zo wurina da kukan zura zare a allura. Gwaji ya nuna yana buƙatar +0.50 a kowane ido don ganin nesa, da ƙarin +1.75 don kusa. Ke nan gilashinsa na karatu +2.25 ne. Da na tambaye shi yadda yake wuni, sai ga tazara uku: allurar keke da ɗinkin hannu a wajen santimita 33 zuwa 40, teburin yanka a wajen santimita 60 zuwa 70, sai ƙofar shago inda masu kawo ɗinki ke tsayawa, mita biyu ko uku. A kan waɗannan tazara uku za mu gwada kowane tabarau.

Mai ƙarfi ɗaya

Wannan gilashi ƙarfinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa. Falalarsa faɗin gani: duk inda tela ya juya ido a kan yadi, ɗinkin na fitowa sarai, babu layi, babu karkacewa, babu buƙatar sabo. Shi ne kuma mafi araha.

Iyakarsa tana cikin lissafin da muka yi. Idan aka raba 100 da ƙarin 1.75, za a sami santimita 57. Duk abin da ya wuce nan zai yi dishi-dishi. Ƙarshen teburin yanka ya fara dusashewa, fuskar mai sallama a bakin ƙofa kuwa ba ta fitowa. Sai ya zame tabarau zuwa kan hanci ya leƙa ta sama, ko ya cire ya ajiye, ya dawo yana nema a cikin ƙyallaye. Wanda ke zama sa'a guda a kan Alƙur'ani ko littafin lissafin shago ba tare da ɗaga kai ba, wannan ne nasa. Amma ba a tuƙi da shi, ba a tafiya da shi.

Na kasuwa da ake sayarwa a faranti shi ma irin wannan ne, sai dai ƙarfin ido biyu ɗaya aka yi masa, kuma ba a auna tazarar idanun mai saye ba. Yana yi wa wanda idanunsa suke daidai da juna aiki. Haɗarinsa shi ne yana hana mutum zuwa gwaji, alhali bayan shekara 40 ne hawan jinin ido ke yawaita, yana cin gani ta gefe ba tare da ciwo ba.

Mai hawa biyu

Ana danganta ƙirƙirar wannan gilashi ga Benjamin Franklin na Amurka a ƙarni na 18, wanda ya haɗa rabin gilashin nesa da rabin na kusa a firam ɗaya. Na yau yana da wata 'yar taga a ƙasa, mafi yawa mai faɗin milimita 28, da layi a samanta. Ga telanmu, sama +0.50, tagar kuma +2.25. Ya sunkuyar da ido ya ga allura, ya ɗaga ya ga baƙo, ba tare da taɓa tabarau ba. Tagar tana da faɗi, kuma ganinta tsab yake daga gefe zuwa gefe.

Matsalolinsa biyu ne. Ta farko, idan ido ya tsallaka layin, hoto yakan yi ɗan tsalle, kuma ƙasa, da ake kallo ta tagar karatu, takan yi hazo. Mai sauka daga bene, mai tsallaka kwata, da mai sallah da ke duban wurin sujada duk suna jin wannan, sai sun koyi sunkuyar da kai gaba ɗaya domin su duba ta sama.

Ta biyu ita ce rashin tsakiya, kuma tana girma da shekaru. A shekara 48, tagar na kai tela santimita 57, ɓangaren sama kuma, da taimakon abin da ya rage a idonsa, yana sauko da shi kusa da santimita 67 cikin sauƙi. Giɓin kaɗan ne, ba zai dame shi ba. Amma a shekara 60, da ƙarin +2.50, tagar ta tsaya a santimita 40, sama kuwa ba ta saukowa ƙasa da mita ɗaya. Teburin yanka, allon kwamfuta da kayan da ke kan kanta duk sun faɗa cikin wannan rami.

Mai gangare

Wannan ramin ne injiniyan Faransa Bernard Maitenaz ya nemi cikewa da gilashin Varilux da ya fito a 1959. Babu layi a jikinsa. Ƙarfi yana ƙaruwa sannu a hankali daga sama zuwa ƙasa ta wani siririn lungu da ke tsakiya, mai tsawon milimita 12 zuwa 18 gwargwadon ƙira. Kowace tazara tana da gurbinta: ƙofa a sama, teburi a tsakiya, allura a ƙasa.

Sai dai ba a samun wannan gangare kyauta. Dole gefen dama da na hagu na ƙasan gilashin su karkatar da hoto, kuma gwargwadon girman ƙari, gwargwadon ƙuncin lungun. Shi ya sa sabon shiga kan ji kamar ƙasa na lilo idan ya waiga. Ana koya masa ya juya hancinsa ga abin da yake son gani maimakon ya kalle shi ta wutsiyar ido. Mafi yawa suna sabawa cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu, kuma wanda ya fara tun ƙarinsa na +1.00 ko +1.50 ya fi saurin sabo a kan wanda ya shekara goma da mai hawa biyu.

Wannan gilashi ba ya yafe kuskuren awo. Dole a saka wa mutum firam ɗin a fuska, a yi alama daidai tsakiyar baƙin kowane ido, a auna dama daban, hagu daban. Kuskuren milimita biyu ya isa ya kautar da ido daga lungun. Ga yadda ake ganewa: idan sai mutum ya ɗaga haɓa sosai kafin ya karanta, an saukar da gilashin ƙasa da yawa, ko firam ɗin ya yi gajarta har an yanke wurin karatu. Idan sai ya sunkuyar da kai kafin ya ga nesa, an ɗaga shi sama da yawa. Idan kuwa ya rufe ido ɗaya rubutu ya fito, ya buɗe duka biyu ya dagule, a sake duba tazarar idanun. Irin wannan ba rashin sabo ba ne, kuma haƙuri ba ya gyara shi.

Hukunci a kan misalin

Telanmu ya koma da mai hawa biyu. Yawancin wuninsa a kan keke yake, yana buƙatar faɗin gani a kusa, yana ɗaga kai ga baƙi akai-akai, kuma giɓin tsakiya bai buɗe masa ba tukuna. Na gaya masa ya dawo bayan shekara biyu, domin ƙarin zai hau, kuma hawan ba laifin tabarau ba ne kamar yadda ake yaɗawa. Madubin ido zai ci gaba da taurarewa ko an saka gilashi ko ba a saka ba. Da malamin makaranta ne mai duba allo, ɗalibai, littafi da kwamfuta a cikin minti ɗaya, mai gangare zan ba shi. Da kuma dattijo ne mai rauni a ƙafa, zan ba shi biyu daban, na tafiya da na karatu, domin hazon ƙasa na iya jawo faɗuwa.

Kammalawa

Kirana ga masu gwaji shi ne mu tambayi sana'ar mutum kafin mu ambaci farashi, mu kuma auna tazarar aikinsa da tef. Mai ciwon sukari kada a yanka masa gilashi sai sukarinsa ya daidaita, domin hawa da saukarsa na sauya awon ido. Ga 'yan'uwa masu zuwa gwaji kuwa, ku zo da abin da kuke aiki da shi, ko allura ce, ko waya, ko littafin da kuke karantawa, ku kuma nemi a duba lafiyar idon gaba ɗaya kafin a yi maganar firam.