Moto mai fes uku, wuta mai fes ɗaya: lissafin da muka ƙi yi sai da akwati ya ƙone

Yau hirar ta wuta ce, kuma da asara zan fara, don ita ta koya mini abin da zan faɗa muku.

Bara ni da wasu abokai muka haɗa kuɗi muka sayi injin niƙa na hannu na biyu, da motonsa mai kilowat 3, wato kusan doki huɗu. Moton tiri fes ne, shagon da muka kama kuwa singil fes ne, waya mai wuta ɗaya da nutural, bolt 230 idan wutar ta zo da lafiyarta. Jawo tiri fes zuwa layinmu ba abin da aljihunmu zai ɗauka ba ne. Sai aka ce mana ai akwai wani akwati, a jikinsa za ka ga an rubuta VFD, masu gyara suna ce masa dirayif, wasu su ce inbata. Ka ba shi fes ɗaya, ya ba motonka fes uku. Gaskiya ne, yana yi. Abin da ba a faɗa mana ba shi ne girman da ya kamata mu saya.

To bari in fara da cikin akwatin, don sai ka gane shi sauran maganar za ta zauna. Ɗaki uku ne. Na farko dayod ne guda shida, su ke karɓar wutar layi su mai da ita wuta miƙaƙƙiya irin ta batir. Na biyu manyan kafasita ne, su ke tara wannan wutar. Na uku wasu makunnai ne masu saurin gaske da ke yanka wutar da aka tara su ƙera fes uku daga cikinta. Ɗaki na uku bai damu da ko fes nawa ya shigo ba, shi dai ya samu wuta a kafasita. Wahalar duk tana kan ɗaki na farko da na biyu.

Kafin maganar girma, akwai tambayar da ke kashe ciniki tun daga farko: motonka zai yarda da bolt 230? Dirayif na gama-gari ba ya ƙara bolt. Ka ba shi 230, kafasita za su tara kusan 325, abin da zai fito fes uku ne amma na 230, ba 400 ba. Don haka je ka goge farantin da ke jikin moton ka karanta. Namu ga abin da ke kai:

```
3 kW   50 Hz
Δ/Y  230/400 V   11.1/6.4 A
```

Ma'ana, in an haɗa shi delta yana aiki da 230 yana jan amfiya 11.1, in an haɗa shi sita yana aiki da 400 yana jan 6.4. Mu delta muke so. Ka buɗe akwatin tamina, akwai ƙusoshi shida da 'yan ƙarafa uku. A sita ƙarafan suna haɗe ƙusoshi uku na jere ɗaya. A delta kowane ƙarfe yana haɗa ƙusa ta jere ɗaya da wadda ke fuskantarta a ɗaya jeren. In ka bar shi a sita ka ba shi 230, zai juya, har ka yi murna, amma ƙarfinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne, ka zuba masara ya tsaya. In kuma farantinka ya ce 400/690 V, kamar yadda manyan motoci da yawa suke, wannan hanyar ba taka ba ce.

Haka shi ma dirayif ɗin, dole ya zama na ajin 200 zuwa 240. Yawancin na tiri fes da ke kasuwarmu na 380 zuwa 480 ne, tunda shi ne layinmu. Ka jona irin wannan a 230, ko tashi ba zai yi ba, sai ya rubuta maka Uv ko LU a fuskarsa, wato wuta ta yi ƙasa.

Yanzu ainihin maganar. Akwai dirayif da tun daga masana'anta aka yi shi don singil fes. A jikinsa za ka ga 1PH a wajen shigar wuta. Wannan ba sai ka rage masa komai ba, amfiyar da aka rubuta ita ce taka. Sai dai yawancinsu a kilowat 2.2 suke tsayawa. Namu moton 3 ne, sai muka koma kan wanda aka yi don tiri fes, muka jona masa wayoyi biyu a maimakon uku. A nan ne rage nauyi ya shigo.

Me ya sa? Ƙarfin da moton ke buƙata bai canja ba, amma ƙofar shigarsa ta ragu. Motonmu in yana aiki cike, da asarar da ke cikinsa da ta dirayif, yana jan kusan wat 3,600 daga layi. A fes uku na 230, wannan kusan amfiya 9 ne a kowace waya. A fes ɗaya kuwa kusan 15.7 ne. Ninki 1.73 ke nan. Kuma dayod huɗu ne kawai ke ɗaukar wannan kayan, biyu suna zaune.

Na kafasita ya fi wannan muni. Ka ɗauke su a matsayin randa da ake ɗiban ruwa a cikinta ba tsayawa. A fes uku, ana zuba mata ruwa sau 300 a daƙiƙa, kaɗan-kaɗan, ba ta taɓa yin ƙasa sosai ba. A fes ɗaya sau 100 ne. Tsakanin zubi da zubi randa ta yi ƙasa, sai a kwararo mata da yawa lokaci guda. Wannan hawa da saukar shi ke dafa kafasita daga ciki. Kuma saboda wutar na shigowa ne a guntun lokaci da ƙarfi, amfiyar da za ka auna a wayar shigowa ba 15.7 ɗin lissafi ba ce, tana iya kai 22 zuwa 25.

Shi ya sa masu sana'ar suke da ƙa'ida: ka ɗauki amfiyar moton, ka ninka biyu, ka nemi dirayif da amfiyar fitarsa ta kai haka. Amfiya nake cewa, ba kilowat ba, kuma ta layin delta. Namu 11.1 sau biyu, 22.2. A ajin 230, mai kilowat 5.5 ne yake da wajen amfiya 24 zuwa 25. Wasu kamfanonin suna da tebur nasu na singil fes a littafin da ke zuwa da akwatin. In akwai, shi za ka bi, ya fi ƙa'idar baki.

Mu me muka yi? Mai shagon ya ce, "Yallaɓai, motonku 3 ne, ga 3.7, har da rara." Amfiyarsa 17. Raba biyu, takwas da rabi. Moton na neman 11.1. Tun ranar farko muna ƙasa, ba mu sani ba.

Kuma abin ya yi ta faɗa mana, mu ne ba mu ji ba. Ba kaya, lafiya lau. Gero ma yana wucewa. Da an zuba busasshiyar masara sai ya yanke, ya nuna alamar ɓacewar fes ko ta ƙarancin wuta. Mai haɗa mana wutar ya shiga saiti ya kashe gargaɗin ɓacewar fes. A gaskiya, a irin wannan haɗin yawanci dole ne a kashe shi, tunda fes ɗaya ka ba shi da gangan. Amma a kan dirayif mai girman da ya dace. A kan ƙarami, ka toshe bakin mara lafiya ne kawai. Watan Afrilu ya shigo, wata rana da azahar muka ji ƙauri. Da aka buɗe, kafasita biyu sun kumbura, ɗaya ta fashe. Sati uku shago a rufe, matan unguwa da suka saba da mu suka koma wani wuri, wasu har yau ba su dawo ba.

Wannan ya kawo ni ragi na biyu, zafi. Dirayif da yawa, amfiyar da aka rubuta musu ta zafin digiri 40 ce, wasu 50. Ya wuce nan, ana rage kashi ɗaya zuwa biyu cikin ɗari a kowane digiri. Shagon kwano a bazara ya kai 45 ba labari ba ne. Mu lissafa da mai kilowat 5.5: amfiya 24, rabi 12. Cire kashi goma na zafi, saura 10.8. Ka ga mun sake faɗowa ƙasa da 11.1. Ga ƙurar gari da ke toshe fanka. Ga shi injin niƙa kaya ne mai fizga. Wasu akwatunan lamba biyu suke da ita, ND ta aiki mai sauƙi kamar fanka da famfo, da HD ta aiki mai nauyi. Mai niƙa HD zai duba, ita ce ƙaramar. Da muka haɗa duk wannan, karo na biyu mai kilowat 7.5 muka saya, amfiya 32 da ɗoriya. Ya yi tsada, wallahi, amma bai kai kuɗin akwati biyu da muka ƙare da biya ba.

Sai dai babban dirayif yana da tarkonsa. Yana zuwa da zaton babban moto za a jona masa, don haka motonka zai iya ƙonewa yana kallo. Dole ka shiga saiti ka rubuta masa abin da ke kan faranti: 230 V, 50 Hz, 11.1 A. Mu kuma mun ba shi daƙiƙa goma na tashi, don kada ya fizgi injin.

Wayar shigowa ma da amfiyar shigowa ake zaɓenta, ba ta moto ba. Mun sa waya mai milimita 6 da bireka mai amfiya 32, kai tsaye daga allon rabon wuta. Soket ɗin bango na amfiya 13 ne, kar ma ka fara. Wutar tana shiga biyu daga cikin R/L1, S/L2, T/L3, littafin zai faɗi waɗanne. Moto yana kan U, V, W. Ka juya su, ka sa wutar layi a U, V, W, akwatin ya tafi nan take. Kar ka sa makunni tsakanin dirayif da moto, a jikin dirayif ake kunnawa da kashewa. A haɗa wayar ƙasa da kyau. In ka kashe wuta, kafasita suna riƙe da bolt sama da 300, ka jira minti goma kuma ka auna kafin hannunka ya shiga. In ba sana'arka ba ce, ka nemo mai ita, kai dai ka riƙe lissafin don kar a yi maka irin tamu.

Abin da har yanzu muke fama da shi shi ne wutar yamma. In layi ya sauko 190, dirayif ba zai fitar da abin da ya wuce 190 ba, moto ya rasa ƙarfi, ya ƙara jan amfiya, ya yi zafi. Mun liƙa ƙaramar mitar bolt a bango kusa da akwatin. Yaron shago ya san in ta sauka ƙasa da 200 sai ya rage zubi, masara kuma ta jira safiya.

Wanda ke da moto a ajiye, ya je ya karanta farantinsa yau, layin bolt da na amfiya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.