In Kuɗi Sun Ɓace Hanya

Lambar asusu a Najeriya lambobi goma ce, kuma kuskuren guda ɗaya kan iya kai dubu hamsin ɗinka hannun baƙo.

In hakan ta faru, kada ka kwana. Ɗauki hoton rasit, domin yana ɗauke da lambar da ake kira Session ID, wadda da ita ake bin sawun kuɗin. Kai ƙorafi a rubuce ga bankinka, ka karɓi lambar ƙorafin. Bankinka ne zai tuntuɓi bankin wanda kuɗin suka faɗa wa, a nemi amincewarsa.

Banki ba ya cire kuɗi daga asusun mutum haka kawai. In mai asusun ya amince, a mayar maka. In ya ƙi, sai ka nemi umarnin kotu, kuma in ya riga ya kwashe, aikin ya ƙara wuya. In bankinka ya yi shiru mako biyu, kai kukanka Babban Bankin Najeriya.

Kai kuma da kuɗin suka shigo maka, amana ce. Mayar ta hannun banki, kada ka tura wa wata lambar da aka karanto maka a waya.